Darasi: Fitar da Harajin VAT daga Jimillar Kuɗin da Ke kan Rasit

Harajin VAT haraji ne da ake ɗorawa a kan farashin kaya ko aiki a lokacin sayarwa. Mai saye ne ke biyansa, mai sayarwa kuma ya karɓa a madadin gwamnati, ya ajiye, ya miƙa wa hukumar haraji. An kafa shi a Najeriya da doka mai lamba 102 ta shekarar 1993, ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 1994 a kan kashi 5 cikin ɗari. Haka ya zauna har ranar 1 ga Fabrairu 2020, lokacin da aka mayar da shi kashi 7.5 cikin ɗari, wato kashi bakwai da rabi. Sababbin dokokin harajin da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu ranar 26 ga Yuni 2025, waɗanda suka fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026, ba su taɓa wannan adadi ba, sai dai hukumar da aka sani da FIRS ta koma NRS.

Rasit na ƙa'ida yana nuna abu uku: farashin kaya kafin haraji, harajin da aka ɗora, da jimilla. Amma duk wanda ke sayayya a cikin birnin Kano ya san ba kullum ake samun haka ba. Yaron shago a Ƙofar Wambai zai yago takarda ya rubuta sunan kaya da kuɗi ɗaya tak, ya buga hatimi. Takardar da na'urar POS ke fitarwa kuwa ba ta san farashi ba, ba ta san haraji ba, abin da aka cire daga asusu kawai take nunawa. Wanda ke riƙe da littafin shago, ko ma'ajin ƙungiya, ko ɗan kwangila, dole ya iya buɗe wannan kuɗi ɗaya ya raba shi biyu, ya san nawa ne na kaya, nawa ne na gwamnati.

Inda kuskure ke shigowa

Abin da hannu ke fara kaiwa gare shi shi ne a ɗauki jimilla a fitar da kashi bakwai da rabi cikin ɗari nata, a ce shi ne harajin. Wannan ba daidai ba ne, kuma akwai dalilin da ya sa mutanen da suka ƙware a lissafin kasuwa ma suke faɗawa cikinsa. Lissafin da aka saba da shi tun kaka da kakanni na cirewa ne daga cikin abin da ke hannu. Zakkar kuɗi ɗaya ce cikin arba'in na dukiyar da ta kai nisabi, daga cikinta ake fitarwa. La'adar dillali ma daga cikin kuɗin ciniki ake yanka ta. VAT kuwa ba daga ciki aka yanke shi ba, a bisa aka ɗora shi. An auna shi ne da farashin kaya tun kafin a san jimilla, saboda haka jimillar da ke kan rasit ba ɗari ba ce, ɗari da bakwai da rabi ce.

A ɗauki misalin wani tela a unguwar Soron Ɗinki da ya sayi keken ɗinki mai aiki da lantarki a wani kamfani mai rajistar haraji. Rasit ya nuna ₦215,000, an rubuta a ƙasa cewa da haraji a ciki, ba a faɗi nawa ba. Idan ya bi hanyar da aka saba, zai fitar da kashi 7.5 na ₦215,000, ya sami ₦16,125, ya ɗebe, ya ce farashin keke ₦198,875 ne. Gwaji ɗaya ya isa ya tona wannan lissafi. A ɗauki ₦198,875 ɗin a mayar masa da harajin kashi 7.5, sai a ga ya tsaya a ₦213,790.63, bai koma ₦215,000 da aka biya ba. Lissafin da ba ya komawa inda ya fito kuwa akwai ɓaraka a cikinsa.

Ga yadda kamfanin ya yi nasa lissafin tun farko. Farashin keke ₦200,000 ne. Kashi 7.5 na ₦200,000 shi ne ₦15,000. Aka haɗa, ya zama ₦215,000. Harajin gaskiya ₦15,000 ne ke nan, ba ₦16,125 ba. Bambancin ₦1,125 da ya shigo ba daga sama ya faɗo ba: shi ne kashi 7.5 na ₦15,000. Ma'ana, wanda ya bi hanyar kuskure ya ɗora haraji a kan harajin kansa. Shi ya sa wannan kuskure kullum fuska ɗaya yake kallo, yana kumbura haraji, yana rage farashin kaya, bai taɓa yin akasin haka ba.

Hanyar da ke daidai

Tunda an sami jimilla ne ta hanyar ninka farashi da 1.075, komawa baya sai da rabawa. A raba jimilla da 1.075, abin da ya fito shi ne farashi kafin haraji. A ɗebe shi daga jimilla, abin da ya rage shi ne haraji. A kan na'urar lissafi ta waya, tela zai danna 215000, alamar rabawa, 1.075, sai 200000 ta fito. Ya ɗebe ta daga 215000, ya rage 15000. Adadin 1.075 ba wani abin tsoro ba ne: 1 ɗin farashin kaya ne cikakke, 0.075 kuma shi ne bakwai da rabi cikin ɗari idan an rubuta shi da ɗigo. Wurin da ake yawan tuntuɓe shi ne a manta sifirin da ke bayan ɗigo a danna 1.75, wanda ke nufin harajin kashi 75. Duk wanda ya ga farashi ya faɗo kusan rabin jimilla, to ya duba wannan sifiri.

Akwai hanya ta biyu da ta fi dacewa da mai lissafi da ka ko da biro a bayan takarda, kuma ita ce ta fi nuna abin da ke faruwa a zahiri. Kashi 7.5 cikin ɗari daidai yake da naira 3 a kan kowace naira 40. Wanda ya sayi kayan naira 40 zai biya naira 43. Saboda haka duk jimillar da ke ɗauke da wannan haraji ana iya kasa ta kashi 43 daidai wa daida, kashi 40 na mai kaya, kashi 3 na gwamnati. A raba ₦215,000 gida 43, kowane kashi ya zama ₦5,000. Kashi uku ₦15,000, shi ne haraji. Kashi arba'in ₦200,000, shi ne farashi. Amsa ɗaya ce da ta hanyar farko, kuma dole ta zama ɗaya, domin 43 a kan 40 shi ne 1.075. Wanda ya riƙe 3 da 43 a ka ya riƙe darasin nan kusan duka.

Mai amfani da kwamfuta ko manhajar lissafi ta waya, idan jimilla tana gidan A2, zai rubuta layin farko don haraji, na biyu don farashi:

```
=ROUND(A2*3/43,2)
=A2-ROUND(A2*3/43,2)
```

Ko wace hanya aka bi, kada a rufe littafi sai an yi gwajin komawa. A ɗauki farashin da aka samu, a fitar da kashi 7.5 nasa, a ga ko ya yi daidai da harajin da aka rubuta, sannan a haɗa su biyu a ga ko sun ba da abin da ke kan rasit. Gwajin ba ya cin minti ɗaya, kuma shi kaɗai ne shaidar da mai lissafi ke da ita idan wani ya yi masa gardama.

Amfanin wannan rabuwa yakan bayyana tun kafin a biya kuɗi. A ce telan nan ya tambayi farashi wuri biyu. Na farko ya ce ₦215,000 da haraji a ciki, na biyu ya ce ₦205,000 ban da haraji. A kunne na biyu ya fi araha da naira dubu goma. Amma idan aka ɗora masa kashi 7.5, wato ₦15,375, sai ya zama ₦220,375. Ko kuma a sauko da na farko zuwa ₦200,000 a gwada shi da ₦205,000. Ta kowane gefe aka duba, na farko ne mai sauƙi. Ba a gwada farashi biyu sai an tabbatar dukkansu suna ɗauke da haraji, ko dukkansu ba sa ɗauke da shi.

Idan kuɗin bai rabu daidai ba

An zaɓi ₦215,000 ne domin tana rabuwa da 43 ba saura. Rasit na kasuwa ba ya zuwa da wannan ladabi. Mai shago yakan yanka kuɗi dunƙulalle, kamar ₦50,000, ya ce da komai a ciki. A nan a fara ninkawa da 3, a sami 150,000, sannan a raba da 43, a sami 3,488.372 da 'yan kai. Tunda kwabo ɗari ke yin naira ɗaya, lamba biyu ake bari bayan ɗigo, haraji ya zama ₦3,488.37. A ɗebe shi daga ₦50,000, farashi ya zama ₦46,511.63.

Abu biyu ne abin kiyayewa a nan. Na ɗaya, a bar gyaran kwabo sai a ƙarshe. Wanda ya fara raba ₦50,000 da 43 zai ga 1,162.79 da saura, idan ya cike ta zuwa 1,163 don sauƙi, sannan ya ninka da 40, zai sami ₦46,520, ya yi sama da fiye da naira takwas a rasit ɗaya. Na biyu, idan an gyara kwabon ɗayan, a samo ɗayan ta hanyar ɗebewa daga jimilla, domin su biyun su haɗu su ba da ainihin abin da aka biya. Gaskiya ne kwabo ya daɗe da ɓacewa daga hannun mutane a kasuwa, amma bai ɓace daga takardun banki da na hukumar haraji ba, kuma littafin da ake zubar da kwabbansa kullum yakan ƙi daidaita a ƙarshen wata.

Ga mai son kintace cikin sauri, 3 cikin 43 ya kusa kashi 7 cikin ɗari, ainihinsa 6.98. Mutum yana tsaye a bakin shago zai iya cewa harajin da ke cikin ₦50,000 bai kai ₦3,500 ba, kaɗan ya rage. Wannan ya isa a gane idan an faɗi adadin da ya yi nisa da gaskiya. Amma ba a shigar da shi littafi. A kan ₦5,000,000, kashi 7 zai ba da ₦350,000, alhali harajin ₦348,837.21 ne, bambancin ya haura naira dubu ɗaya.

Ragin ciniki ma yana bin wannan ƙa'ida. Idan tela ya taya, aka rage masa ₦5,000, ya biya ₦210,000, to a kan abin da ya biya ake lissafi, ba a kan farashin da aka fara faɗa ba. Haraji ya zama ₦14,651.16, farashi ₦195,348.84. Ragin da kansa ya rabu biyu: ₦4,651.16 daga aljihun mai kaya, ₦348.84 daga haraji.

Tambayar da ke gaban lissafi: akwai harajin a ciki kuwa?

Rabawa da 43 za ta ba da amsa a kan kowace lamba aka ba ta, ko da babu haraji ko kwabo a cikin kuɗin. Wannan shi ne haɗarin da ya fi na kuskuren lissafi girma, domin gwajin komawa ba ya kama shi. Saboda haka kafin a taɓa na'ura, a tsaya a duba wanda ya sayar, da abin da ya sayar, da ranar da ya sayar.

Ba kowane ɗan kasuwa ke karɓar VAT ba. Dokar da ta ɗaga harajin a 2020 ta sauke nauyin karɓarsa daga kan wanda cinikinsa na shekara bai kai naira miliyan 25 ba, sabuwar doka ma ta ci gaba da ware ƙananan 'yan kasuwa. A Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, baduku mai sayar da jaka da takalmin da ya ɗinka da hannunsa, ko mai rumfar huluna, galibi ba ya cikin masu karɓa. Kuɗin da ke kan takardarsa farashi ne zalla. Mai yiwuwa shi kansa ya biya VAT lokacin da ya sayi gam ko zare daga kamfani, ya kuma sa wannan a cikin tsadar kayansa, amma wannan bai zama harajin da mai saye zai fitar ya rubuta ba. Alamar mai karɓa ita ce rasit mai ɗauke da sunan kasuwanci da adireshi da lambar shaidar biyan haraji, wadda ake bugawa da haruffan TIN, tare da kalmomi irin su `VAT inclusive`, ma'ana da haraji a ciki, ko `VAT exclusive`, ma'ana ba a sa shi ba tukuna. Idan babu ko ɗaya, a tambayi mai shago kai tsaye, a kuma nemi ya rubuta.

Haka kuma ba kowane kaya ke ɗaukar harajin ba. Kayan abinci na yau da kullum irin su shinkafa, gero, masara, wake da gishiri, da magunguna, da littattafan karatu, mai saye ba ya biyan VAT a kansu. Matsalar takan taso ne idan an haɗa irin waɗannan da kayan da ke ɗaukar haraji a rasit ɗaya mai jimilla ɗaya. A ce ma'ajin wata makarantar Islamiyya a Yakasai ya yi sayayyar walimar sauka a babban kanti mai rajista: shinkafa, da kuloli, da bokitan roba, da sabulu, duka ₦139,500. Idan ya raba jimillar gaba ɗaya, zai ce haraji ₦9,732.56 ne. Amma shinkafar ₦75,000 ce, kuma babu haraji a kanta. Sai a fara ware ta, a bar ₦64,500 na kuloli da bokitai da sabulu. A raba da 43, kowane kashi ₦1,500, haraji ₦4,500, farashin waɗannan kaya ₦60,000. Lissafin farko ya ƙago harajin ₦5,232.56 wanda babu wanda ya karɓa, babu wanda ya biya. Idan kuwa ba a san kuɗin shinkafar ita kaɗai ba, to babu wata dabarar lissafi da za ta fitar da amsa daga jimilla, sai an koma kanti an karɓo bayanin kaya ɗaya bayan ɗaya.

Irin wannan iyaka tana nan a takardar otal ko babban gidan abinci, inda akan ƙara ladan hidima, sau da yawa kashi 10 cikin ɗari. Kuɗin ɗaki na ₦100,000 zai iya zama ₦117,500 idan an auna VAT da kuɗin ɗakin kaɗai, ko ₦118,250 idan an auna shi bayan an haɗa ladan hidima. Jimilla ita kaɗai ba ta faɗin yadda aka jera su. Haka nan idan an biya ta hannun mai POS na bakin titi, cajinsa ba ya cikin kuɗin kaya, a cire shi tukuna kafin a fara rabawa.

Sai kwanan wata. Rasit ɗin da aka rubuta kafin 1 ga Fabrairu 2020 yana ɗauke da kashi 5 ne, wato naira 1 a kan kowace 20, saboda haka da 21 ake raba shi, ko da 1.05. Tsohon rasit na ₦105,000 harajinsa ₦5,000 ne. Wanda ya yi masa lissafin 43 zai sami ₦7,325.58. Masu duba tsofaffin littattafan shago, musamman wajen rabon gado ko rabuwar abokan tarayya, su ne suka fi cin karo da wannan.

Ƙa'idar ɗaya ce ko'ina, adadi ne kawai ke sauyawa: a ɗora adadin haraji a kan ɗari, a raba jimilla da abin da ya fito, a ninka da adadin harajin. Ɗan kasuwar da ke zuwa Maraɗi zai tarar da harajin da ake kira TVA a kan kashi 19, rasit kuma yakan nuna TTC idan da haraji a ciki, HT idan babu. Sefa 119,000 mai TTC tana ɗauke da harajin sefa 19,000. Alhajin da ya yi tsaraba a Makka ko Madina kuwa kashi 15 ya biya, adadin da Saudiyya ke karɓa tun Yuli 2020, wanda ke zama 3 cikin 23: a riyal 230, riyal 30 haraji ne.

Lissafin wata na mai sayarwa

Wanda wannan darasi ya fi shafa shi ne ɗan kasuwa mai rajista da ke sayar da kaya a kan farashi dunƙulalle. A ɗauki dilan robobi a Ƙofar Wambai, wanda ke saro kujeru da baho da jarkoki daga kamfanonin Sharaɗa da Bompai. Ba ya ce wa mai saye ga farashi ga haraji, kuɗi ɗaya yake yankawa, domin haka kasuwa ta saba. A ƙarshen wata ya tara abin da ya shigo ta banki da ta POS da tsabar kuɗi, ya kama ₦12,900,000. Tunda yana cikin masu karɓar haraji, wannan kuɗi yana ɗauke da shi ko bai ambata wa kowa ba. A raba da 43, kowane kashi ₦300,000. Harajin da ya karɓa ₦900,000 ne, cinikinsa na gaskiya ₦12,000,000.

A wannan watan ya saro kayan ₦10,750,000 da haraji a ciki. Da lissafi iri ɗaya, kowane kashi ₦250,000, harajin da ya biya kamfanoni ₦750,000, kuɗin kaya ₦10,000,000. Doka ta ba shi damar ɗebe harajin da ya biya wajen sari daga wanda ya karɓa wajen sayarwa, ya miƙa ragowar. ₦900,000 a ɗebe ₦750,000 ya rage ₦150,000, shi zai kai wa hukuma zuwa ranar 21 ga watan da ke biye. A lura cewa ₦150,000 ita ce kashi 7.5 na ₦2,000,000, wato abin da ya ƙara a kan kayan tsakanin sari da sayarwa. Idan bai raba lissafin ba, zai ga ₦2,150,000 tsakanin abin da ya fita da abin da ya shigo, ya ɗauka duk ribarsa ce, ya kashe, ranar biya ta zo ya tarar ya ci amanar da aka ba shi ajiya.

Da ya bi hanyar kuskure a ɓangaren ciniki, ya fitar da kashi 7.5 na ₦12,900,000, zai rubuta ₦967,500. Ya ɗora wa kansa ₦67,500 a wata ɗaya, ₦810,000 a shekara idan ciniki ya tsaya haka. Idan kuma ya yi kuskuren a ɓangaren sari, to ya nemi a rage masa harajin da bai biya ba, wanda ma'aikacin haraji zai gano da zarar ya gwada da takardun kamfani. A nan ne kuma iyakar lissafin ka take. Fitar da haraji daga jimilla yana sanar da mutum adadi, amma ba ya zama hujja. Hujja ita ce takardar da kamfani ya rubuta da lambarsa ta haraji, ya nuna adadin da ya karɓa a fili. Takardar POS ko saƙon banki shaidar biyan kuɗi ne kawai. Dila mai hankali yana karɓar cikakkiyar takarda ranar da aka sauke masa kaya, ba ya bari sai wata ya ƙare.

Ɗan kwangilar da ke yi wa ma'aikatar gwamnati aiki shi ma yana bukatar wannan lissafi, domin ma'aikatu kan cire VAT tun daga tushe su miƙa da kansu. Idan an rubuta kwangilar ₦4,300,000 da haraji a ciki, abin da ya kamata a cire a matsayin VAT ₦300,000 ne. Idan aka auna kashi 7.5 da jimillar, za a cire ₦322,500, ya yi asarar ₦22,500 ba tare da ya sani ba. Yana da kyau ya duba takardar biya da biro a hannu kafin ya sa hannu.

Aikin yi

Ɗalibi ya gwada waɗannan a littafinsa, ya yi gwajin komawa a kan kowanne kafin ya duba amsa. Wata mai sana'ar zoɓo da kunun aya a Mandawari ta sayi firiji a ₦344,000 da haraji a ciki: nawa ne haraji, nawa ne farashi? Wani rasit na watan Maris 2019 ya nuna ₦63,000 da haraji a ciki: nawa ne harajin? Wani kuma na bana ya nuna ₦96,000, a ciki akwai magani na ₦10,000, sauran kayan duk masu ɗaukar haraji ne: nawa aka biya gwamnati? Na ƙarshe, rasit na bana mai ₦20,000 da haraji a ciki, a fitar da harajinsa har da kwabo.

A na farko kowane kashi ₦8,000 ne, haraji ₦24,000, farashi ₦320,000. Na biyu da 21 ake raba shi saboda shekararsa, haraji ₦3,000. A na uku ana ware magani tukuna, a bar ₦86,000, haraji ₦6,000. Na huɗu harajinsa ₦1,395.35, farashi ₦18,604.65. Wanda ya sami ₦25,800 a na farko, ko ₦1,500 a na huɗu, ya auna harajin da jimilla ne, sai ya koma kan misalin keken ɗinki ya sake bi a hankali.